Fakitin da Baba Bai Juya Ba

Mahaifina ba ya sayen abu sai ya juya shi. Ko gwangwanin madara ne, ko ledar biskit, ko kwalin abin sha, ba ruwansa da hoton da ke gaba. Zai juya bayan, ya zaro tabarau, ya ciro guntun fensir daga bayan kunne, ya hau lissafi a tafin hannunsa, mutanen da ke bayansa a layi suna ta tsaki. Tun ina ƙarama na sha kunya a kantuna saboda shi. Akwai mai kantin da ya taɓa ce masa, "Malam, in karatu ka zo yi, ga makaranta can a tsallaken titi." Baba bai ko ɗaga kai ba sai da ya gama, sannan ya biya kuɗin ya ce, "Waɗannan masu gaskiya ne."

Shekara talatin da ɗaya ya yi a kicin ɗin asibiti. Ba shi ne mai girki ba, shi ne mai awo. Yana da wani ɗan tebur a lungu, tsakanin ɗakin ajiya da wurin wanke tukwane, da sikeli mai farantin ƙarfe, da littafi mai baƙin bango. Likita zai rubuto cewa mai gado na kaza yana buƙatar kalori kaza a rana, wato yawan ƙarfin da jikinsa zai samu daga abinci. Aikin Baba shi ne ya mayar da wannan lamba ta zama abin da za a zuba a kwano. Da wanke-wanke ya fara aikin. Wata tsohuwar jami'ar abinci ce ta lura ba ya ƙiyasi da ido, ta zaunar da shi ta koya masa lambobi uku, shi kuma ya riƙe su har ya tsufa.

Giram ɗaya na furotin, abin da ke gina jiki, kalori huɗu ne. Giram ɗaya na sitaci ko sukari, wanda ake rubutawa kabohaidiret, shi ma huɗu ne. Giram ɗaya na mai ko kitse kuwa, tara. Ka ninka kowanne da lambarsa, ka haɗa, shi ke nan. Tun masu shara har manyan likitoci, babu mai kiransa da sunansa na yanka sai Malam Tara. In aka ce masa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai ya ce, "Idon ya riƙe kimarsa, ni a miƙo min sikeli."

A gida ma ba mu tsira ba. Mu huɗu ne muka tashi a gabansa: ni babba, da ƙannena biyu, da Baffa, ƙanensa da suke uba ɗaya. Baffa ya zo hannun Baba yana ɗan shekara shida bayan iyayensa sun rasu, lokacin ko haihuwata ba a yi ba. Inna, mahaifiyarmu, ita ta yi masa wanka, ita ta kai shi makaranta, kuma Inna yake ce mata kamar yadda muke cewa. Ita kuwa ba ta kiransa sai da "ɗan fari". In na yi ƙorafi na ce ai ni ce ta fari, sai ta ce, "Ke haifarki na yi, shi kuwa zaɓarsa na yi."

Ranar hutu Baba kan ɗora cokali biyu a kan sikeli, ɗaya sukari giram goma, ɗaya mai giram goma, ya ce, "Wanne ya fi nauyi?" Mu ce daidai suke. Ya ce, "Wanne ya fi ƙarfi?" Ni dai kaina ba ya ɗaukar lissafi, sai in hau kame-kame. Kafin in rufe baki Baffa ya ce, "Sukari arba'in, mai casa'in." Baba ya dube ni ya girgiza kai ya ce, "Uwata, ke dai Allah ya ba ki baki." Haka yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Bakin kuwa na samu, ga shi ina amfani da shi.

Da Baffa ya gama karatu, ya buɗe wata 'yar masana'anta a bayan gari. Gari yake haɗawa na marasa lafiya waɗanda ba sa iya cin abinci mai tauri, ana damawa da ruwan ɗumi a sha. Baba ne ya tsara masa haɗin. Wata uku ya yi yana zuwa bayan tashi daga aiki, yana auna garin madara da waken soya da gyaɗa da mai, yana sharewa yana sakewa, har ya tsaya a kan abin da ya kwanta masa. A kowane fakiti mai giram ɗari, furotin goma sha biyar, sitaci da sukari arba'in da biyar, mai talatin. Sauran goman dusa ce da gishirin jiki da 'yar laima. Sittin, da ɗari da tamanin, da ɗari biyu da saba'in. Jimla ɗari biyar da goma. Aka buga wannan lamba da manyan jajayen haruffa a gaban fakitin. Baba ya riƙe fakitin farko kamar an miƙa masa jariri. Shi ya kai samfurin asibitinsu da ƙafarsa, aka karɓa ba tare da dogon turanci ba, domin abin da Malam Tara ya auna ba a sake auna shi.

Bayan shekara tara, Baba ya yi ritaya, ya dawo gida yana takura wa Inna a kicin. Ba a jima ba ta fara cewa abinci yana tsaya mata a ƙirji. Tun tana kora shi da ruwa, har ta koma sai mai ruwa-ruwa kawai ke wucewa. Aka yi hoto, aka ga ƙari a hanyar abincinta. Likitan tiyata, wani dogo marar yawan magana, ya ce za a iya yin aiki, amma ba a wannan jikin ba. Kilo arba'in da huɗu take, matar da a da sai ta karkata take wuce ƙofar ɗakin ajiya. Ya ce ya sa sunanta a jerin aiki nan da sati shida. In ta kai arba'in da biyar, ya ga jikin ya daina zubewa ya fara ɗauka, zai yi. In ba ta kai ba, ba zai taɓa ta ba, don ciwon aikin ba zai warke ba. Ya rubuta kalori dubu ɗaya da ɗari biyar a rana, kada a gaza.

A kan hanyarmu ta komawa gida, a karo na farko cikin makonni na ga fuskar Baba ta saki. Ya ce, "Uwata, wannan kam aikina ne. Fakiti uku a rana, dubu ɗaya da ɗari biyar da talatin. Har da rarar talatin."

Washegari sai ga Baffa da mota, ya sauko da katan biyu a kafaɗarsa, bai bari direba ya ɗauka ba. Ya durƙusa a bakin gadon Inna ya riƙe ƙafarta ya ce, "Inna, kin ciyar da ni shekara ashirin, yanzu layi ya zo kaina." Har da 'yar ƙwalla. Ni ma na yi ƙwalla, Allah ya sani, kuma har yau ina jin haushin ƙwallar nan. Daga ranar duk ƙarshen mako sai ya zo da katan, ya ajiye a kan kanta a kicin, kusa da galan ɗin man girki.

Na bar shagon ɗinkina a hannun abokiyar aikina na dawo gida. Ni ke damawa, Baba ke bayarwa. Ya ja layi a wani sabon littafi, safe da rana da yamma, duk kofin da ta shanye sai ya yi masa alama. Kofi ɗaya kan ɗauke ta sa'a biyu, kurɓi-kurɓi. In ta kawar da kai ya lallaɓa, in ta yi fushi ya yi mata ba'a. "Da kika ce za ki riga ni tsufa, ai ban ce ki riga ni ramewa ba." Ko ɗigon da ya rage a gindin kofi ba ya bari, sai ya ɗauraye da ruwa kaɗan ta shanye.

A sati na biyu Inna ta ce, "Malam, wannan abin ya fi na da zaƙi. Wanda na ɗanɗana lokacin da kuke gwaji ba haka yake ba." Baba ya ce ciwo ne ke canza baki, ya ga haka a marasa lafiya ɗari. Ta ce to. Duk safiyar Litinin muna ɗora ta a kan sikelin tsayuwa, ni ina riƙe da hannu ɗaya, shi ɗaya. Arba'in da huɗu. Arba'in da uku da giram ɗari takwas. Arba'in da uku da rabi. Baba ya ce sikelin ne ya lalace, ya aro na maƙwabta, shi ma ya faɗi haka. Ya fara zargin ko ina zubarwa wajen damawa, ya koma tsayawa a kaina. Mun yi cacar baki a kan haka har na ce masa in bai yarda da ni ba ya dama da kansa. Ya zargi sikeli, ya zarge ni, ya zargi ciwon, ya zargi kansa. Fakitin da yake yagawa sau uku a rana kuwa, ko sau ɗaya bai juya shi ba. Me zai karanta? Shi ya rubuta abin da ke jiki.

Ranar da sati shida suka cika, ma'aikaciyar jinya ta auna Inna sau biyu. Arba'in da uku. Likita ya dubi takarda ya dube mu, ya ce ba zai iya ba. Jerin ya cika, sai bayan wata biyu. Baba ya buɗe littafinsa ya nuna masa alamomi ɗari da ashirin da shida, ba gurbi ko ɗaya. Likitan ya duba da girmamawa, domin tun yana ɗalibi ya san Malam Tara, ya ce, "Wani lokaci ciwon ne ke cinye komai, Malam." Muka dawo gida.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ina wanke kofin Inna a bakin famfo, Baba yana zaune a kan kujera a ƙofar kicin yana kallon ƙasa. Don dai in kori shirun na ce, "Abin nan dai yana da kirki ɗaya, ba ya cin sabulu. Ana ɗauraye kofin ya fita fes."

Ya ɗago kai. "Me kika ce?"

"Na ce ba ya barin maiƙo."

Ya miƙe ya karɓi kofin, ya shafa cikinsa da yatsa, ya murza yatsan da ɗan'uwansa. Sannan ya shiga kicin ya ɗauko fakiti ɗaya daga katan. Ya daɗe yana kallon jan rubutun da ke gaba, ɗari biyar da goma. A hankali ya juya shi. Ya laluba aljihu bai sami tabarau ba, sai ya miƙo min.

"Karanta min, Uwata. Furotin."

"Goma sha biyar."

"Sittin. Kabohaidiret."

"Sittin da uku."

"Sake dubawa."

"Sittin da uku, Baba."

Sannan ya ce, "Ɗari biyu da hamsin da biyu. Mai."

Rubutun ƙanana ne kamar ƙafar tururuwa, sai da na kai shi hasken taga. "Goma sha biyu."

"Ɗari da takwas," in ji shi, muryarsa kamar ba tasa ba. Bai ciro fensir ba. "Ɗari huɗu da ashirin."

Na ce ko kuskuren bugu ne. Ya ce a'a. Ya ce lambobin nan uku ba su da kaifin reza, akan sami bambancin biyar ko goma saboda cike lamba, kuma shi bai taɓa tsawatar wa kowa a kan haka ba. Amma casa'in ba cike lamba ba ne. An cire giram goma sha takwas na mai, an zuba giram goma sha takwas na sitaci da sukari a gurbinsa. Fakitin yana nan giram ɗari cif, duk sikelin duniya zai shaida. Sai dai kowane giram da aka musanya ya tafi da biyar, tara ta koma huɗu. Ya zauna a ƙasan kicin, a kan siminti, ya ci gaba da lissafi a fili kamar mai sambatu. Ɗari biyu da saba'in a rana. Kwana arba'in da biyu. Dubu goma sha ɗaya da ɗari uku da arba'in. Ya ce, "Kamar na hana ta abinci kwana bakwai ke nan. Ni da hannuna."

Sai idonsa ya sauka a kan galan ɗin man da ke kusa da katan. Giram goma na mai a kowane kofi, abin da bai cika babban cokali ba, shi ne casa'in ɗin. Sati shida yana nan a kan kantar, tsakaninsa da katan ɗin bai kai tafin hannu ba.

Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba, kuma ran nan ma bai yi ba. Ya tashi ya auna giram goma ya zuba a kofin rana, ya dama, ya kai mata, ya zauna har ta shanye. Sannan ya sa hularsa ya ce in raka shi.

Masana'antar ta girma fiye da yadda na santa. Injuna uku suna ta ruri, mata sanye da fararen huluna suna jera fakiti a katan, buhunan sitaci a jibge har kusa da rufi. Baba ya tsaya ya dubi buhunan, sannan ya dubi lungun da durom-durom na mai suke a da, guda biyu kawai suka rage. Baffa yana ofishinsa mai gilashi. Da ya hango mu ya fito da sauri yana murmushi, "Yaya! Da kanka? Ai da ka aiko. Yaya jikin Inna?"

Baba ya wuce shi. Ya shiga ofishin, ya ajiye fakitin a kan tebur, bayansa a sama. Baffa ya dubi fakitin, ya rufe ƙofa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bai ko yi kamar ya yi mamaki ba.

"Furotin nawa ne?" in ji Baba.

"Yaya, zauna mu yi magana."

"Na ce giram ɗaya na furotin nawa ne?"

"Huɗu."

"Sitaci?"

"Huɗu."

"Mai?"

Baffa ya sunkuyar da kai. "Tara."

"Ashe ba ka manta ba. Na ɗauka mantuwa ce, na zo in tuna maka."

Daga nan Baffa ya ɓalle da bayani. Mai ya yi tsada, in bai rage ba sai ya rufe, mutum arba'in ke ci a ƙarƙashinsa. Shekara biyu ke nan da canjin, babu wanda ya mutu. Kuma shi bai ɓoye komai ba, ga giram ɗin nan a rubuce, masu bincike in sun zo giram ɗin mai da na furotin suke gwadawa, kuma suna samunsu daidai. Lambar gaba ce kawai bai taɓa ba, saboda asibitoci da ita suka san kayan, in ta sauka za su koma wa wani. "Kuma wa ke ninkawa, Yaya? Duk ƙasar nan in ban da kai wa ke ninkawa?"

Nan bakina ya ƙwace. Na ce, "To da ka san haka, me ya hana ka ce a ƙara mata cokalin mai? Kalma ɗaya, Baffa! Sau shida kana shigowa gidanmu kana riƙe ƙafarta!"

Ya ce, "'Yata, in na faɗa, ai na faɗa ke nan." Ya share goshi. "Wallahi kullum in na ajiye katan ina jiran ya juya. Satin farko ban yi barci ba. Na ce yau zai kira ni. Da na ga sati biyu shiru, sai na ce to, tunda Yaya ma bai gani ba..."

"Babu mai gani," Baba ya ƙarasa masa.

A bangon bayan kujerar Baffa akwai sabuwar takardar talla, irin wadda ake rabawa a asibitoci. Ni na fara ganinta, na so in tsaya a gabanta amma Baba ya riga ya bi idona. Ya ce in karanta masa. Na ce ba komai ba ne. Ya ce in karanta. An rubuta cewa ƙwararren da ya tsara wannan haɗi, mai shekara talatin a aikin asibiti, da shi yake jinyar iyalinsa a gidansa.

Baba ya ɗauki fakitinsa ya sa a aljihu. Ya ce, "Ranar da aka kawo ka, ƙafarka duk ƙuraje, ba ka magana. Ita ta ce a bar mata kai." Ya buɗe ƙofa. "Kada ka sake kawo katan."

Daga can bai wuce gida ba. Asibitinsu muka nufa, ya bi ta ƙofar baya zuwa tsohon teburinsa, inda wata matashiyar jami'a take zaune yanzu. Ya ajiye fakitin, ya ari fensirinta, ya rubuta mata layi uku ya ja layi ya haɗa. Ta dubi lambar, ta dubi kantar da ke cike da irin wannan fakiti, ta ce, "Baba, ai mu ba ma dubawa, an ce naka ne." Ya ce, "Nawa ne. Daga yau ki duba." A cikin sati guda ya zaga asibitoci da ɗakunan shan magani goma sha ɗaya, da fakiti da fensir, yana rushe sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa. Dangi suka yi ta zuwa suna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, a rufa wa yaro asiri. Baba ya ce akwai wasu matan a kan wasu gadajen. Ni kuwa abin da na faɗa musu ba zai rubutu ba.

Da izinin likita ya riƙa ƙara mai kaɗan-kaɗan har ya wuce giram goma a kofi, ya koma haɗa garin da kansa a kicin kamar shekarun baya. Sikeli ya fara hawa. Arba'in da uku da rabi, arba'in da huɗu. Ranar da wata biyun suka cika, Inna ta kai arba'in da biyar da giram ɗari biyu. Ta yi dariya ta ce wa ma'aikaciyar jinya, "Rubuta da kyau, mijina zai duba." Aka sake hoto kafin aiki. Likita ya kira mu ni da Baba, ya ce ƙarin ya kai inda wuƙa ba za ta yi amfani ba.

Baba ya tambaye shi ko da an yi a wancan lokacin da ya yiwu. Likitan ya ce ba zai iya rantsewa ba. Mai yiwuwa ko da cikakken abinci ba ta kai ba, mai yiwuwa ko an yi aikin bai tsayar da ciwon ba. Na san gaskiya ya faɗa. Amma da ya ce e, ko ya ce a'a, da Baba ya sami lambar da zai ja wa layi a ƙasa. Har yau da wannan "mai yiwuwa" yake kwana yake tashi.

Inna ta yi wata biyar bayan nan. Ba mu faɗa mata ba. Takan dubi ƙofa a ƙarshen mako ta ce, "Ɗan fari shiru?" Baba, wanda ban taɓa jin ya ƙara ko giram ɗaya a magana ba, sai ya ce aiki ne ya yi masa yawa, ya yi tafiya, yana gaishe ki. Ta ce, "Allah ya yi masa albarka, ya yi min ƙoƙari." Ni sai in fita tsakar gida, don in na zauna zan faɗa. Baffa ya zo sau biyu ya tsaya a ƙofar gida, ni na hana shi shiga, kuma ban yi nadama ba. Ta rasu tana sa masa albarka.

Yanzu Baba yana gidana, a ɗakin da ke kusa da shago. Ya rame, ba ya son abinci, ni ce na koma mai lallashi. Masana'antar tana nan, an ce an gyara lambar gaba bayan hukuma ta sa baki, ban je na duba ba. Makon jiya na sayo masa gwangwanin madarar da ya fi so. Na juya shi tun a kanti, na yi lissafin a wayata mutane suna min tsaki, ya fito daidai. Na kawo masa na ce, "Baba, na duba, lafiya lau yake."

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata." Ya karɓa da hannu biyu. Na juya zan fita, a bakin ƙofa na waiwaya. Ya riga ya sa tabarau, ya juya gwangwanin, yana ciro fensir daga bayan kunne.